Ranar da Kurege Ya Kai Kiɗa Gidan Su Bushiya

"Ku matso nan. Tanko, bar tsokanar ƙanwarka. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Kurege ne ya ga Bushiya ya ji yana so. Ita kuwa kunya gare ta, ko kallonta aka yi sai ta dunƙule. Gidansu a ɓoye yake cikin saiwar gamji saboda tsoron Dila, ga mahaifinta bai daɗe da rasuwa ba, uwarta na takaba.

Ya same ta ita kaɗai tana kiwo, ya faɗa mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "In da gaske kake, kada kowa ya ji. Bari a yi arba'in ɗin Baba. Sannan ka tura manyanka biyu wurin Baffa Beguwa da goro, shi ne waliyyina. Zai binciki asalinka da halinka, ya tambaye ni. In ya ba da izini, ka zo zance."

Da ya bi wannan, da yau wani labarin nake ba ku. Sai ya kai wa Gizo shawara.

Gizo ya ce, "Kwana ayba'in? Wani zai yiga ka! Mace yabo take so."

Ran kasuwa Gizo ya ɗauki kalangu yana wasa Bushiya, amaryar Kurege. Kowa ya juyo. Ta dunƙule a tsakiyar kasuwa. Gizo ya ce, "Daɗi ne ya kama ta."

Kashegari a bakin rijiya ya sake. Ta bar tulunta ta gudu da kuka. Baffa Beguwa ya aiko: "Muna cikin makoki. A gidanmu ba a neman aure da kiɗa." Kurege ya garzaya wurin Gizo. Gizo ya ce, "Jan aji ne."

Rana ta uku suka ɗebi makaɗa da 'yan rakiya, Kurege na gaba, ya kai su har gindin gamji. Shekara da shekaru Dila na neman gidan nan bai samu ba. Ran nan sai kalangu ya nuna masa.

Sai ga Dila ya faɗo musu, taro ya watse, Gizo ya haye reshe. Bushiya ta dunƙule ta tsira. Uwarta kuwa, da baƙin ciki ya cinye, ta leƙo ta ba baƙi haƙuri, ba ta ko samu dunƙulewa ba, Dila ya yi gaba da ita.

Da ƙura ta lafa, Kurege ya durƙusa yana kuka. "Don ina sonki na yi."

Daga cikin ƙayarta Bushiya ta ce, "Na gaya maka hanya. Ka tambayi kowa ban da ni."

Baffa Beguwa ya tafi da ita, ba a san inda suka nufa ba. Shi ya sa har yau za ku ga Kurege ya miƙe tsaye a gona yana dube-dube.

To, kun ji. Mai neman aure ya saurari wadda yake so, ya shiga ta ƙofar da gidansu suka buɗe masa. Ƙungurus kan kusu, ƙaryar Gizo ce, amma ku riƙe gaskiyar da ke ciki.