Kalma Biyu ta Malam Ilu

A zamanin da, an yi wani Sarki da ya gaji da rigimar filaye. Sai ya kafa doka: ba mai haƙa rami a birni sai da takardar izini, wanda aka hana kuwa ya kai kuka wurin Waziri, shi kuma ya yi hukunci da abin da ya gani a rubuce.

Aka ɗora wani ƙaramin magatakarda, Malam Ilu, kan aikin. Yana da sani, amma girman kansa ya fi rawaninsa.

Ran nan wani majemi, Cindo, ya nemi izinin haƙa ramin jima a Unguwar Gangare, inda shi Ilu yake zaune. Ilu ya je ya auna. Doka ta ce taku ɗari tsakanin majema da rijiya, ya sami arba'in zuwa rijiyar unguwar, ƙasar kuma ta gangaro wajen rijiyar. Ya dawo ya rubuta: "An hana."

Cindo ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, saboda me? In da gyara in gyara."

Ilu ya ce, "Sai na yi wa mai warin fata bayani? Tashi."

Aka aiki Ilu ƙauye rabon iyaka, wata huɗu. Cindo ya kai kuka. Waziri ya juya takarda gaba da baya, ba awo, ba doka, ba dalili. Ya ce, "Hani ba hujja zalunci ne. Je ka haƙa."

Damina ta faɗi, ruwan jima ya tsiyaya cikin rijiya. Amai da gudawa suka kwashe yara bakwai. Ta ƙarshe ita ce Lantana, 'yar Ilu tilo, ya komo daga ƙauye ya tarar an dawo daga binne ta.

Ya faɗi gaban Sarki yana kuka. "Allah ya ba ka nasara, na sani! Na auna, na hana!"

Sarki ya ce, "Waziri, ka san da rijiyar?"

"Ranka ya daɗe, takarda ba ta faɗa ba."

"Kai fa, Cindo?"

"Na tambaya aka kore ni. Da ya ce in matsa taku sittin, da na matsa."

Sarki ya sa a cike ramin, a haƙa sabuwar rijiya. Ya hana Waziri sake soke hani sai ya aika an duba wurin. Kowane hani kuma a rubuta abin da aka gani, da dokar da ta hana, da hanyar gyara. Sa'an nan ya sa aka ajiye wa Ilu tawada da alƙalami a gaban iyayen yaran.

Ya ce, "Ba zan tuɓe ka ba, wannan sauƙi ne. Rubuta dalilin yanzu, ka karanta musu."

Ilu ya rubuta. Layi uku ne kacal.