Kurege da Labulen Hajiya Ɓauna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kurege ne ya samu aikin kai abinci a gidan abincin Hajiya Ɓauna. Gidan kuwa kashi biyu ne, labule a tsakani. Gaban labule akwai tebura da fanka da turaren wuta. Bayan labule sai hayaƙi da tukwane da Kunkuru mai girki yana zufa.

A gaban labule, Kurege farar riga, murya ƙasa-ƙasa: "Ranka ya daɗe, a ƙaro miya?" Hajiya ma sai murmushi, tana kiran ma'aikatanta "'ya'yana". Har alama gare su: in ta sosa kunne, to, kowa ya bi bakin ɗan'uwansa, kada baƙo ya gane an yi kuskure.

Da an shige bayan labule kuwa, sai a tuɓe hula, a tuɓe murmushi. Hajiya ta ture ɗankwali tana masifa, Kunkuru ya ɗumama miyar jiya, Kurege ya kwaikwayi tafiyar baƙi ana dariya. Kuma duk kwanon da ya bi ta hannunsa, sai tsoka ɗaya ta yi ɓatan dabo.

To, Kurege yana da shafi a waya. Akwai wani bango guda mai fenti a kicin, gabansa yake tsayawa, ya kafa wayar, ya gyara hula, ya yi wa mabiyansa jawabi kamar shi ne mai gidan. Tukwane kuwa ba ya bari su shiga hoto.

Ran nan yana cikin jawabi kai tsaye, sai Hajiya ta daka masa tsawa: "Kai, ɗan banza! Alhaji Dorina ya zauna!"

Kurege ya zabura, ya ture wayar ta juya ta fuskanci murhu, bai kashe ba. Ya ɗauki kwanon Alhaji, ya jefa tsoka a baki. Ya kumbura kumatu, ya turo ciki, ya yi taku dafan-dafan yana cewa, "A ƙaro! A ƙaro!" Kunkuru har da faɗuwa don dariya. Sannan Kurege ya goge baki, ya ɗaura murmushi, ya ɗaga labule.

Sai ya tarar da gidan tsit. Kowa ido a waya, ana kallon shafinsa kai tsaye. Alhaji Dorina ya juyo masa tasa wayar, ga murhu, ga Kunkuru yana share hawaye.

"Wane ne mai cewa a ƙaro?" in ji Alhaji.

Hajiya ta fito, ta gani, ta sunkuyar da ƙaho. Kurege ya dubi ƙaho, ya dubi bakin Dorina, ya ga ƙofa ta yi nisa. Sai ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi, wasanmu ya karɓu! Ranka ya daɗe, sati guda muna gwaji. Muka ce wa za mu kwaikwaya, wanda duk garin nan ya san shi, kuma ba ya fushi da raha? Ba mu samu kowa ba sai kai."

"Tsokar fa?"

"Ɗanɗano ne, ranka ya daɗe. Manya ba a kai musu abinci sai an ji gishirinsa."

Ya saci kallon Hajiya, ya sosa kunne. Hajiya ta san in Kurege ya nutse, da gidanta zai nutse. Ta haɗiye fushi da ƙyar, ta ce, "Haka ne, Alhaji. Ni ma masifar nan koya mini aka yi. Ɗana Kurege akwai basira."

Alhaji Dorina ba wawa ba ne. Amma ya waiga, ga idanu a kansa. In ya yi fushi, ya tabbata abin dariya, in ya yi dariya, ya zama babban mutum mai raha. Sai ya ƙyalƙyale har tebur na rawa.

"Ja'iri! Sake yin tafiyar mu gani!"

Kurege ya yi taku dafan-dafan, gida ya kaure da tafi.

Washegari jama'a suka yi dafifi, kowa na son ganin kicin da idonsa. Hajiya ta sa aka cire labule, aka yi wa kicin fenti, aka saya wa Kunkuru farar hula. Masifa ma sai aka sa mata lokaci, bayan azahar, baƙi na ɗauka a waya suna cewa, "Kai, gidan nan ba sa ɓoye komai!" Miyar jiya da gulmar baƙi kuwa aka mayar da su wata rumfa can bayan gida, inda Hajiya ta hana shiga da waya.

Kurege aka naɗa shi Sarkin Ɗanɗano. Yanzu a gaban kowa yake cin tsokar, biyu-biyu, ana yi masa tafi, har wuyansa ya yi kauri.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege! Wanda duk zai ci naman Alhaji, ya tabbata jama'a na kallo, kuma ya fara yabon haƙurinsa.