Jirgin Zomo da Rantsuwar Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho ta kan ruwa!

Ta zo mu ji ta, kar ta nutse.

Zomo ke nan, ya gaji jirgin fito a wurin kakansa, wanda Kada ya rantse wa ba zai taɓa jirginsa ba. In katako ya ruɓe, sai Zomo ya zare shi, ya auna sabo a gurbinsa, ya buga ƙusa, ya toshe tsaga da tsumma da man kaɗanya. Ɗaya-ɗaya yake canjawa don kar jirgin ya karkace. Ashe Kura na kwashe tsofaffin.

Ranar da ya cire na ƙarshe, sai ga Kura ta harhaɗa su.

Ta ce, "Ga jirgin kakanka a hannuna. Naka baƙo ne, ba rantsuwa a kansa."

Zomo kuwa dole ya haye, ga 'ya'yansa na jiransa a ƙetare. Suka shiga kogi, kowa da nasa. A tsakiya Kada ya taso.

Zomo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sauran katakon Kaka ko ɗaya."

Kada ya wangame baki. "Haƙoran da na yi rantsuwa da su duk sun zube, sababbi sun fito a gurbinsu. Bakin na wane ne? Wuce."

Kura, ruwa ya kai mata gwiwa, ta ce, "Nawa fa?"

Ya ce, "Naki zubabbun haƙora ne. Matso ki ga sababbin."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya.